Arhar inbata ta ci mana injin firij

Bara da za mu sa inbata a ofishin ƙungiyarmu da ke Sabo, Ibadan, sai muka ɗauki mai arha, wadda masu shago ke kira "modifayid". Fanka huɗu muke da su, kowace wat 70, da firij mai wat 150. Jimilla 430, inbata kuwa mai wat 1000 ce, muka ce ai ta isa.

Daren farko fankoki suka kama gurnani, kawunansu na zafi. Firij kuma duk sanda zai tashi sai inbata ta yi ƙara ta ɗauke. Ba mu damu ba, har injinsa ya ƙone, alhali a ciki wani dattijonmu mai ciwon suga yake ajiye allurar insulin ɗinsa.

Mai gyara ne ya fahimtar da mu. Wutar modifayid tsalle take yi kamar matakalar bene, ita kuwa "fiyo sayin" hawa da sauka take a hankali kamar wutar Nefa, irin wadda aka ƙera injin firij da fanka dominta. Waccan tana sa waya zafi har ta ƙone. Sannan firij yakan ja ninki uku zuwa bakwai na wutarsa lokacin tashi, abin da ba mu lissafa ba.

Yanzu mun koma fiyo sayin mai wat 1500, gurnani ya ɗauke. Kafin ku biya, ku sa a jona fanka a gabanku, ku saurara. Allah Ya kiyaye asara.