Ƙarfin da Na Tara a Kan Tabarma Ɗaya

A makaranta irin tamu, da an ce firesof ko tashi-tsuguna, abin da ke faɗo wa ɗalibi a rai shi ne horo. Wanda ya makara ko ya yi surutu shi ake sa wa, ya yi ta yi har ƙafafunsa su kama rawa. Shi ya sa da yawanmu muka tsani waɗannan motsi, alhali su ne hanya mafi arha ta gina ƙarfin jiki. Mai horo so yake ka galabaita, shi kuwa mai neman ƙarfi yana tsayawa tun kafin ya galabaita, ya huta, jibi ya dawo ya ƙara kaɗan a kan na baya. Wata huɗu ke nan ina bin wannan hanya, kuma ina so in faɗa muku yadda take.

Ɗakin da nake kwana ni da ƙannena biyu, idan aka cire wurin katifu da akwatuna, abin da ya rage bai wuce shimfiɗar tabarma ɗaya ba. Hakan ya isa. In dai za ka iya kwanciya ka miƙe sosai, ka kuma buɗe hannuwanka ba su bugi komai ba, to ka sami fili. Sauran kayan aikin su ne bango, bakin taga da nauyin jikinka. Ina yi ranakun Litinin, Laraba da Asabar, da sassafe kafin kwanon ɗaki ya ɗauki zafi, kuma duka bai wuce minti 20 ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarin da ta fitar a 2020, ta ce masu shekara 5 zuwa 17 su riƙa motsin ƙarfafa tsoka da ƙashi aƙalla kwana uku a mako, manya kuma aƙalla kwana biyu. Ke nan har malamanmu ba a bar su a baya ba.

Nakan fara da ɗumama jiki na minti uku: tafiya a wuri ɗaya ina ɗaga gwiwa, juya kafaɗu, da murza wuyan hannu. Daga nan sai motsi huɗu, kowanne zagaye uku, da hutun kamar minti ɗaya a tsakani.

Na farko shi ne tsuguno, wanda ke aiki a cinyoyi da mazaunai. Ka ware ƙafafu daidai faɗin kafaɗa, ka tura ƙugu baya kamar mai neman kujera, ka sauka har cinyoyinka su daidaita da ƙasa, sannan ka miƙe. Abu biyu nake lura da su. Dunduniya kada ta bar ƙasa, gwiwoyi kuma su bi inda yatsun ƙafa suka dosa, kada su faɗo ciki suna neman haɗuwa. Na biyu shi ne firesof, wanda zan yi dogon bayani a kansa. Na uku ɗaga ƙugu: ka kwanta rigingine, ka lanƙwashe gwiwoyi, tafin ƙafa a ƙasa, ka ɗaga ƙugu har jikinka ya miƙe daga kafaɗa zuwa gwiwa, ka riƙe daƙiƙa biyu ka sauke. A mazaunai ya kamata ka ji aikin. Idan a tsatso kake jinsa, ka ɗaga ya wuce kima. Na huɗu kuwa babu motsi a cikinsa. Ka kifa ciki, ka dogara a kan gwiwar hannu da yatsun ƙafa, ka ɗaure cikinka, jiki a miƙe kamar katako, kana numfashi. Daƙiƙa 20 ta isa farawa. Da zarar ƙugu ya fara lotsawa, lokacin ya ƙare, ko agogo bai ce ba.

To, ina sirrin yake? Tsoka ba ta ƙara ƙarfi sai an ba ta aikin da ya ɗan fi wanda ta saba. Masu ɗaga ƙarfe suna ƙara nauyi ne kawai. Mu da ba mu da ƙarfe, sai mu canza yadda jiki ya jingina. A cikakken firesof, hannuwa na ɗauke da kusan kashi biyu cikin uku na nauyin mutum. Idan gwiwoyi na ƙasa, kusan rabi ne. Ni kilo 54 ne, don haka cikakken firesof tamkar tura kilo 36 ne, na gwiwa kuma kamar kilo 27. Wanda ya ce bai iya firesof ba, gaskiyar maganar ita ce an ɗora masa kilo 36 tun ranar farko. Ba rago ba ne, matakin farko aka tsallake masa.

Matakan huɗu ne. Tura bango kana tsaye, shi ne mafi sauƙi. Sai dafa bakin taga mai ƙwari, ƙafafu a baya, jiki a karkace. Sai na ƙasa da gwiwoyi. Sai cikakke. Dokar da nake bi ɗaya ce: in zaɓi matakin da zan iya yi tsakanin sau 6 zuwa 12 da kyakkyawar siffa, in kuma tsaya alhali ina jin akwai sauran biyu a jikina. Ranar da na yi 12 a duk zagaye ukun, sai in haura mataki na gaba.

Ga yadda abin ya kasance a bayan littafina na lissafi, inda nake rubuta lambobin kowace rana. A makon farko bango ya yi mini sauƙi, na yi 20 ban ji komai ba, sai na koma bakin taga na sami 8, 7, 6. Ina ƙara ɗaya ko biyu a kowane zama, ran Asabar ta mako na uku na kai 12, 12, 12. Da na sauka kan gwiwa lambobin suka koma 7, 6, 5. Wannan faɗuwar ba koma baya ba ce, ita ce shaidar cewa nauyin ya ƙaru. Mako biyar na yi a wannan mataki. A mako na tara na gwada cikakke na sami 5, 4, 4, wato ƙasa da shidan da doka ta ce. Maimakon in matsa, sai na riƙa yin cikakke a zagayen farko, in ƙarasa biyun a kan gwiwa, har lambar ta tashi. Yau ina 11, 10, 9.

Amma lamba ba ta da amfani idan siffa ta lalace, kuma a nan ne yawancinmu ke yaudarar kanmu. Firesof mai kyau, tafin hannu na ƙarƙashin kafaɗa ko ya ɗan fi ta faɗi, gwiwar hannu na kallon baya a karkace, ba ta baje gefe kamar fiffiken kaza ba, domin bajewar na takura kafaɗa. Ƙirji zai sauko har ya kusa taɓa tabarma, kai da baya da ƙugu su tafi tare su dawo tare. Idan ciki ya riga ƙirji isa ƙasa, ko kai kaɗai ke lilo sama da ƙasa, wannan ba ya shiga lissafi. Ƙanena na sa ya riƙa kallona daga gefe, kuma ba ya yi mini kara. Biyar masu tsabta sun fi talatin na hauragiya.

Sauran motsin ma haka suke da matakai. Idan tsuguno 20 ya zama wasa, sai ka riƙa sauka a hankali kana ƙirga uku, ka dakata a ƙasa, sannan ka tashi. Idan wannan ma ya yi sauƙi, ka sa ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, ka sauke gwiwar baya kusa da ƙasa, ta yadda ƙafar gaba za ta ɗauki mafi yawan nauyin. Ɗaga ƙugu kuma a koma yin sa da ƙafa ɗaya.

Me ya sa nake barin kwana a tsakani? Domin a lokacin hutu ne tsoka ke gyara kanta ta ƙara ƙwari, musamman in an sami barci da abinci mai gina jiki. Ba sai nama ba. Wake, ƙuli-ƙuli, awara, ƙwai da nono duk suna yi. Kada kuma ka tsaya gaban madubi a makon farko kana neman damtse. Ƙarfin da ake samu a makonnin farko, yawancinsa daga ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ne, suna koyon yadda za su sa tsokar aiki da kyau. Girman tsoka sai daga baya yake bayyana. Ni a bokitin ruwa na fara ganin canji: wanda da sai na sauke sau biyu tsakanin famfo da gida, yanzu a tafiya ɗaya nake kai shi.

Akwai ciwon da ba komai ba ne, akwai kuma wanda ke cewa tsaya. Tsamin jiki da ke zuwa kwana ɗaya ko biyu bayan sabon motsi, a cikin naman cinya ko ƙirji, al'ada ce, kuma yana wucewa cikin ’yan kwanaki. Amma suka mai kaifi a cikin gaɓa, wato gwiwa ko kafaɗa ko wuyan hannu, wadda ke zuwa a daidai lokacin motsin, alama ce ta a dakata a koma mataki na baya. Jiri, ciwon ƙirji ko ɗaukewar numfashi kuwa, a bari nan take a sanar da babba. ’Yan uwanmu masu sikila, asma ko ciwon zuciya su fara jin ta bakin likitansu. Kowa kuma ya ajiye ruwan sha kusa, musamman da bazara.

Dole in faɗi inda wannan tsari ya gaza. Motsin nan na turawa ne da na ƙafa da na ciki; tsokar baya mai ja ba ta samun rabonta sosai, don ja yana bukatar abin kamawa. Abin da nake yi shi ne in kifa ciki, in ware hannuwa gefe, in ɗaga su daga ƙasa ina matse allon kafaɗu, sau 10. Yana taimakawa, amma bai kai jan guga daga rijiya ba. Kada dai wani ya ce zai rataya a jikin ƙofa, ita da shi duk za su iya zubewa. Haka kuma wannan tsari bai maye gurbin gudu, ƙwallo ko tafiyar ƙafa ba, waɗanda zuciya ke bukata.

’Yan uwa mata, babu motsi ko ɗaya a nan da ya keɓanta ga maza, kuma a cikin ɗaki ake yi, ba wanda zai gan ku. Duk mai son gwadawa, ya fara da bango ran Litinin, ya rubuta lambobinsa uku da kwanan wata. Bayan mako shida ya buɗe shafin farko ya kwatanta.