Taimakon baƙunta ne ko so ne? Yadda za ki gane

'Yar uwa, idan kina zaune a Kudu, akwai wata tambaya da ta fi wuyar amsawa a nan fiye da a gida: wannan saurayin da kuka saba, wanda kike kira Yaya, har yanzu zumunci yake yi ko zuciyarsa ta koma wani wuri? A Kano ko Zariya, saurayin da ya zo ƙofar gidanku da yamma ya aika yaro ya yi sallama da ke, ya riga ya faɗi abin da ya kawo shi. A Uwani ta Inugu kuwa, inda na shafe shekaru ina zaune, haka ma a unguwannin Hausawa na Anaca da Fatakwal, ba kowane gida ke da zaure ba. Gidan haya ne, ɗaki-ɗaki, maƙwabcinki Ibo ne ko Idoma, kuma duk wanda ya fito daga Arewa ɗan uwa ne. Shi zai raka ki asibiti, shi zai karɓo miki saƙo a tasha, ba wanda zai ga laifi. Wannan kyakkyawar ɗabi'a ce ke rufe alamar so, har mutum ya daɗe yana tafe da ita ba a gane ba.

Kada ki ɗauka abin mamaki ne abota ta rikiɗe. A 2021 wata malama a Jami'ar Victoria ta ƙasar Kanada, Danu Stinson, tare da abokan aikinta sun duba bayanan mutum kusan 1,900, suka samu cewa kimanin biyu cikin uku sun fara ne da abota kafin soyayya. Tun kafin nan, a 2012, April Bleske-Rechek ta Jami'ar Wisconsin a Amurka ta yi wa abokai maza da mata, bibbiyu har 88, tambayoyi kowa shi kaɗai. Ta gano cewa maza sun fi jin sha'awar ƙawayensu, kuma sukan zaci su ma ana son su fiye da yadda abin yake, yayin da mata sukan raina girman abin da ke zuciyar abokin. Ɗaliban Turawa aka tambaya, amma abin da idona ya gani a nan bai saɓa da haka ba. Shi yana ganin ya gama bayyana kansa, ke kuma kina ganin kirkinsa ne kawai.

Ma'aunin farko da nake amfani da shi shi ne wannan: abin da yake yi miki, yana yi wa wasu? Taimakon baƙunta na kowa ne, kuma buƙata ce ke tayar da shi. Tun da aka fara zaman gida na ranar Litinin a yankin nan a watan Agustan 2021, mun saba da kiran juna da safe a ce kada a fita, ko a ce hanyar Ogbete lafiya lau. Wanda ya kira ki ya faɗi haka, ya kira matar wansa, ya kira tsohuwar da ke sayar da fura, wannan ɗan uwa ne. Ki fara lura ne ranar da kiran ya rabu da dalili. Ba saƙo, ba labari, sai "kin ci abinci kuwa?" Sa'ar kiran ma takan gusa daga rana zuwa bayan Isha, lokacin da aka rufe shago kuma mutum ya kaɗaita da tunaninsa.

Ma'auni na biyu shi ne wanda 'yan mata suka fi yi wa gurguwar fassara. Mu Hausawa, so ba kasafai yake ƙara wa mutum sakewa ba, kunya yake ƙara masa. Wanda da yake zolayar ki a gaban kowa, ya ce tuwonki ya yi gudaji, sai ki ga ya daina. Ya shigo gidanku ya tarar da mahaifinki ko mijin yayarki, sai ya durƙusa har ƙasa, ya ƙi zama a kujerar da ya saba zama, ya ƙi cin abincin da a da yake neman ƙari. Ki saurari sunan da yake kiran ki da shi. Idan "ƙanwata" ta ɓace daga bakinsa, ya koma "Malama" ko "Hajiya", ko ya fara kauce wa ambaton sunanki a gaban manya, to ya fara ɗaukar gidanku a matsayin gidan surukai. Wasu kan zaci fushi ya yi, su je suna ba shi haƙuri a kan laifin da ba su yi ba.

Na uku kuwa, tambayoyinsa sukan bar Inugu su nufi gida. Aboki yana tambayar jarrabawa da kuɗin haya. Mai niyya yana tambayar wace unguwa ce taku a Katsina, wane ne babba a dangin mahaifinki, in kin gama karatu nan za ki zauna ko komawa za ki yi, ko an taɓa yi miki magana da wani a gida. Wannan bincike ne na neman waliyyi, ko da an lulluɓe shi da hira.

Bari in ba ki labarin wata yarinya da muke gida ɗaya da yayarta, ba tare da na kama suna ba. Ta zo daga Funtuwa tana karatu a wata babbar makaranta a nan. Akwai wani saurayi, abokin mijin yayar, yana sayar da albasa da tumatir. Shekara guda cur yana taimakon ta kamar yadda yake taimakon kowa a gidan: in motar kaya za ta tafi Arewa ya karɓi saƙon kowa, in ta dawo ya raba wa kowa daddawa da kuka. A wannan shekarar ba abin da za a ce alama ce, ko da yake wasu matan gidan sun fara gulma tun daga lokacin.

Canjin ya faro ne bayan Babbar Sallah. Ya dawo daga gida da tsarabar kowa a buhu ɗaya, tata kuma a leda daban, turare da atamfa, ya ba yaro ya kai mata maimakon ya miƙa da hannunsa. Cikin wata biyu ya daina shiga ɗakin yayar, sai ya tsaya a bakin ƙofa su gaisa. Sai kuma aka gano cewa a tafiyar tasa ya ratse Funtuwa, alhali shi mutumin Gusau ne, ya kai wa mahaifiyarta rabin buhun garin kwaki da galan na manja, bai faɗa wa kowa ba. Abu na ƙarshe ya faru ne ranar da yayar ta ambaci cewa wani ɗan ajinsu yarinyar ya zo gaishe ta. Saurayin da bai taɓa kushe kowa ba ya ce 'yan bokon nan ba su da alƙawari, ya tashi ya tafi, kwana huɗu bai kira ba. Yarinyar ta zo wurina tana cewa, "Anti, ban san me na yi wa Yaya ba." Na ce mata ta ƙirga da kanta: ya ware ta daga cikin jama'a, ya fara jin kunyar gidan, ya nemi sanin mahaifiyarta, ya kuma nuna kishi. Alama ɗaya tana iya zama dace. Huɗu a cikin wata uku, duk suna fuskantar wuri guda, ba dace ba ne.

Sai dai akwai abubuwan da ke kama da so alhali ba shi ba ne. Babbansu kaɗaici. Magidancin da iyalinsa ke Sakkwato, yana ganin su sau biyu a shekara, yana iya kiran ki kullum don kawai ya ji Hausa a bakin mace. Za ki gane shi da cewa hirarsa duk a kan kansa take, ciniki da ciwon baya da kewar 'ya'ya, kuma da zarar ya je gida wayarsa ta yi shiru. Akwai kuma wanda ke da dukkan zafin, amma yana guje wa manya. Yana son ku haɗu a Zik Avenue, ba ya son mijin yayarki ya sani, yana cewa ki goge saƙonninsa na WhatsApp. Shi ma hankalinsa ya bar abota, amma ba aure ya nufa ba. Mai niyyar kirki kusantar danginki yake yi, ko da ƙafarsa na rawa. Kishin da ya kai ga bincika wayarki ko hana ki gaisawa da mutane, tun ba a kai ko sisi gidanku ba, shi ma gargaɗi ne, kada ki lissafa shi cikin ƙauna.

To idan kin tabbatar, me za ki yi? Kada ki bar abin ya yi ta tafiya a duhu, domin unguwarmu ƙarama ce, masallaci ɗaya, kasuwa ɗaya, magana kuma tana isa gida kafin motar dare. Idan ba ki ra'ayinsa, ki daina karɓar kyautar da aka ware domin ke, ki mayar da kira zuwa rana, ki riƙa kiran sa Yaya a gaban mutane da gangan. Mai hankali zai fahimta ba tare da an ci fuskarsa ba. In bai fahimta ba, ki sa yayarki ko wata babba ta faɗa masa a asirce. Cin kayansa wata shida sannan a ce masa "ai ni wa na ɗauke ka" shi ne ke raba gidaje biyu da suka yi shekara goma suna cin abinci a kwano ɗaya.

Idan kuma kina ra'ayinsa, hanya ɗaya ce: wani babba ya tambaye shi niyyarsa, a ba shi lokaci sananne ya turo magabatansa, a kuma bincika ko yana da iyali ko alƙawari a gida, domin nisa yana ɓoye abubuwa da yawa. Ku yi gwajin jini tun zuciya ba ta yi nisa ba. Idan ku biyun AS ne, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu na haihuwar mai sikila. Jihar Kano ma ta mayar da gwajin kafin aure doka a 2024, kuma jin sakamakon a watan farko ya fi sauƙi a kan jin sa bayan an sa rana.

Ke kuma ɗan uwa da ke karanta shafin mata a ɓoye, in kai ne mai wannan hali, ka sani ba lallai ta gane ba. Manja da atamfa ba sa magana. Ka samu mijin yayarta ko Sarkin Hausawan unguwarku ka faɗi abin da ke ranka, ka kuma shirya karɓar amsa ko wace iri ce, yadda gobe in kun haɗu a Ogbete za ku iya gaisawa.