Lamba Ita Ce Sunan Doka: Kwafe Tsarin Mulki Daga Hoto Zuwa Markdown

Duk wanda ya taɓa zama a kotu ya san cewa lauya ba ya cewa a duba shafi kaza. Abin da yake cewa shi ne a duba sashe na 36, ƙaramin sashe na 6, sakin layi na (c). Watau a rubutun doka lamba suna ce, da ita ake kiran hukunci ya amsa. Wannan maƙala za ta dubi yadda sunan nan kan salwanta idan aka ɗauki hoton shafukan doka aka mayar da su Markdown, kuma misalinta shi ne Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999, mai babi 8 da jadawali 7, wanda aka fitar da shi da sassa 320.

Shi Markdown wata hanya ce ta rubutu da John Gruber ya fito da ita a 2004, inda ake sa 'yan alamomi cikin tsurar rubutu domin na'ura ta gane kanu da jeri. Aikin kuwa hawa biyu ne. Da farko manhajar karanta hoto, irin su Tesseract, takan mayar da hoton haruffa. Daga nan sai mai kwafi ya zauna ya sa alamomin. A hawa na biyun nan ne ɓarna mafi wuyar gani take aukuwa.

Dalili shi ne Markdown yana yi wa kansa ƙidaya. A ƙa'idar CommonMark, idan layi ya fara da lamba da ɗigo, ana ɗaukarsa farkon jeri ne. Lambar farko kaɗai ake girmamawa, sauran kuwa na'ura ce take ƙirga su, ko da me aka rubuta.

A ɗauki Babi na IV, wanda ya ƙunshi haƙƙoƙin ɗan Adam daga sashe na 33 zuwa na 46. A ƙaddara mai kwafi ya zuba sassan nan cikin jeri guda, sai inuwar hannu ta rufe lambar sashe na 34 a hoto, maganarsa ta manne da ta 33. A cikin fayil sauran lambobin suna nan daidai, amma a fuskar na'ura 35 ya koma 34, 36 ya koma 35, haka har ƙarshen babin. To, sashe na 45(1) ya halatta yin dokar da za ta taƙaita haƙƙoƙin da ke sassa na 37, 38, 39, 40 da 41, saboda dalilai irin su tsaron ƙasa da zaman lafiyar jama'a. Waɗannan lambobi suna tsakiyar jimla ne, don haka ba za su motsa ba. Mai karatu zai nemi sashe na 41, maimakon 'yancin zirga-zirga sai ya tarar da sashe na 42, wanda ya hana nuna bambanci saboda ƙabila ko addini ko jinsi. Ke nan kwafin ya gaya masa cewa sashe na 45(1) ya ba da damar taƙaita wannan haƙƙi, alhali bai ambace shi ba. Ba a canja kalma ko ɗaya ba, amma an canja doka.

Maganin shi ne a hana na'ura ƙidaya. Ko dai a sa lambar sashe cikin kanu, ko a sa karkatacciyar sanda gaban ɗigon, kamar `34\.`, sai lambar ta zauna yadda aka rubuta ta. Ta haka ne kuma sassa irin su 254A zuwa 254F, waɗanda gyara na uku na 2010 ya shigar domin Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, suke samun mazauni, domin ƙidayar na'ura ba ta san lamba mai harafi ba. Haka nan a yi hattara da Pandoc, wanda kan ɗauki `(a)` da `(i)` a matsayin jeri. Ita `(i)` fuska biyu gare ta: bayan `(h)` harafi ce ta tara, a ƙarƙashin `(a)` kuwa ɗaya ce ta Romawa. Wanda ya karanta maganar ne yake iya rarrabewa.

Sai batun kanu. Markdown yana da hawa shida, daga `#` guda zuwa shida. Manhajar karanta hoto girman harafi take gani, ba ta san wane kai ne uban wani ba. Don haka tun kafin a fara sai a dubi jerin abubuwan da ke ciki a yanka wa kowane matsayi hawansa. Babi na VI shi ne ma'auni mai kyau, domin yana da zurfi. Ga yadda zai kasance, an ba da shi da Hausa don sauƙin bi:

```
## Babi na VI
### Kashi na I
#### A. Shugaban Tarayya
##### Sashe na 130
```

Babi na IV kuwa ba shi da kashi ko ɗaya, sassansa suna bin kan babin kai tsaye. Nan mai kwafi kan ji sha'awar ɗaga su zuwa hawa na uku. Abin da ya fi shi ne ya bar kowane sashe a hawa na biyar ko'ina yake, domin da haka umarni guda zai ƙirga masa su:

```
grep -c '^##### ' tsarin-mulki.md
```

Idan adadin ya saɓa wa na littafin da ke hannu, an san wani sashe ya ɓace ko ya rabu biyu. Akwai kuma ɗan bayanin da ake bugawa a gefen kowane sashe, mai kama da hashiyar da malamai ke yi a gefen littattafan ajami. Manhaja takan cusa shi tsakiyar layi. Dokar Fassara ta 1964 ta nuna cewa irin wannan hashiya ba ta cikin jikin doka, saboda haka wurinta kan sashe ne, ba cikin nassi ba.

Abu na uku shi ne bayanin ƙasan shafi, wanda ake yawan samu a bugun da aka yi wa sharhi. 'Yar ƙaramar lambar da ke saman kalma takan sauko ta manne da maƙwabciyarta: sashe na 6 mai bayani na 3 sai ya koma sashe na 63, shekarar 1999 mai bayani na 2 ta koma 19992. Ta biyun tana tona kanta, ta farkon kuwa sai an gwada da hoto. Ainihin Markdown da CommonMark ba su tanadi bayanin ƙasa ba, amma Pandoc da GitHub sun yarda da wannan siga:

```
Sashe na 6[^sh12-3]

[^sh12-3]: (Bayani na 3, shafi na 12.)
```

A lura cewa abin da ke cikin baka laƙabi ne kawai. Na'ura za ta sake ƙirga bayanan daga 1 bisa yadda suka biyo juna. Shi ya sa ake rubuta lambar asali a cikin bayanin kansa, a kuma haɗa laƙabin da lambar shafi, domin wasu littattafai sukan koma 1 a kowane shafi, laƙabi biyu su yi karo. In bayani ya tsallaka zuwa ƙasan shafi na gaba, sai a ɗauko ragowarsa a haɗa da shi, kada ta shige cikin nassi.

A ƙarshe, ba a duba aikin a cikin fayil kaɗai, tun da can komai kan yi kamar lafiya. Sai a buɗe shi yadda mai karatu zai gan shi, a ajiye hoton a gefe, a bi kowane wuri da wani sashe ya kira wani da lamba, a ga ko wanda aka kira shi ne ya amsa. Malaman da sukan ce a yi muƙabala bayan an gama kwafin littafi, watau a gwada shi da asali layi bayan layi. Kwafin doka ma bai kammala ba sai an yi masa haka.