Buhu Huɗu a Maigatari

Ran Alhamis kasuwar Maigatari ke ci, don haka tun da asuba na isa tashar 'Yankaba a Kano na shiga motar Gumel. Lokacin kaka ne. Daga Gezawa har Gujungu dammunan gero ne jingine a gonaki, mata na ɓarar zoɓo a gindin bishiya. Bayan Gumel ƙasa ta fara zama rairayi, muka riƙa wuce manyan motoci da suka zo lodin shanu zuwa Kudu. Maigatari na bakin iyakar Nijar, kuma yawancin baƙi kara suke nufa, wajen raƙuma da shanu da dawaki. Ni layin 'yan hatsi na nufa, wurin wani dattijo abokin mahaifina, wanda na ji ana cewa da buhu huɗu na wake ya fara.

Na same shi a rumfarsa yana awo. Muka gaisa, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, ya sa aka kawo mini fura. Sai da ciniki ya lafa bayan azahar na ce, "Baba, labarin buhu huɗun nan na zo ji daga bakinka."

Ya ce shekara talatin ke nan. A lokacin awo kawai yake yi, ya sari buhu ɗaya, ya sayar kwano-kwano, abin da ya hau kai a ci a gida. Kullum yana zubin adashe, har kwasarsa ta zo daidai da kaka, ya sayi wake buhu huɗu ya ajiye. "Adashe tarawa yake yi, ɗana, ba ya haihuwa. Abin da ka zuba shi za ka kwasa. Haihuwar sai kuɗin ya shiga kaya."

Ya kafa wa kansa doka biyu. Cefanen gida daga awon rumfa zai fito, ba za a taɓa ajiya ba. Sannan idan ya sayar da waken a bazara ko farkon damina, kuɗin gaba ɗaya, uwa da riba, kaka mai zuwa za su jira su koma wake. Bayan an cire kuɗin dako da buhu da hayar ɗaki da abin da ƙwari suka ɓata, a shekara mai kyau yakan samu ƙarin kwano ɗaya a kan kowane goma.

Ya ɗauki tsinke ya yi mini lissafin a ƙasa. Buhu kwano 40 ne, buhu huɗu kwano 160 ke nan. Ƙarin shekarar farko kwano 16, ko rabin buhu bai kai ba. Amma a shekara ta biyu da kwano 176 ya shiga, saboda haka ƙarin ya kusa 18, domin sha shidan nan na bara su ma sun yi aiki. A haka, duk bayan kamar shekara bakwai ajiyar kan ninka: huɗu su kusa takwas, takwas su koma wajen sha biyar, sha biyar su zama talatin. Da kowace shekara kwano 16 ɗin kawai yake ƙarawa, yana cinye abin da ya haura, da bayan shekara talatin buhu 16 gare shi. Da kuma babu shekarar asara ko ɗaya, da ya kai wajen buhu 70. Abin da ke ɗakinsa bana ya ɗan haura hamsin. Kashi ɗaya cikin goma na hamsin buhu biyar ne, wato ƙarin shekara guda yanzu ya fi duk jarin da ya fara da shi.

A ganina shekarun farko su ne wurin da mafi yawan mutane ke sarewa, kuma ba na ganin laifinsu. Mutum ya hana kansa shekara bakwai, ya duba ɗaki ya ga buhu takwas, alhali maƙwabcinsa ya sayi babur. Baba ya ce har uwargidansa ta taɓa tambayarsa ko waken nan gadonsa za a raba.

Abin da ya fi tsayawa a kai shi ne yadda ake ƙirga riba. Bai yarda a ƙirga ta da naira ba. "Ɗauka ka sayi buhu goma, kowanne 40,000, ka zuba 400,000. Bazara ta yi ka sayar 60,000, ga 600,000 a hannunka. Sai ka ce ka ci 200,000, ka yi biki da su. Kaka ta dawo, buhu ya zama 55,000. Dubu ɗari huɗun da ka rage buhu bakwai za su saya maka. Ka fara da goma, ka koma bakwai, kana ta murna ka ci riba." Duk dubu ɗari shidan ma, in ji shi, da kyar za su kusa buhu sha ɗaya, kuma wannan buhu ɗayan shi ne ribar gaskiya. Wanda ya ga 2024, lokacin da hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 30 cikin ɗari, ya san maganar ba ta wasa ba ce.

Na tambaye shi ina buhu ashirin ɗin da suka rage tsakanin lissafi da ɗaki. Ya ce ƙwari sun ci nasu kason a farko, kafin zuwan buhun nan mai leda biyu a ciki wanda ke toshe iska ya kashe ƙwaro ba tare da magani ba. Alamar ɓarna a bayyane take: ka soka hannu ka ji ɗumi, ka ga gari a ƙasan buhu da 'yan ramuka a jikin ƙwayar. Bashin da ya ba mutane ma ya ci nasa. Akwai kuma shekarar da farashi ya ƙi tashi, da rufe iyaka na Agustan 2019 wanda bai ƙare a Maigatari ba sai Disamban 2020, kasuwa ta yi sanyi. Asara ba ta tafiya daidai da riba: wanda ke da buhu 40 ya rasa goma, ya koma 30, sai ya yi shekara uku cur yana samun ɗaya cikin goma kafin ya dawo inda yake. Shi ya sa bai taɓa cin bashi don ya ƙara ajiya ba, ko da an ce masa wake zai yi tsada.

Zakka kuwa tun da dukiyar ta kai nisabi yake fitarwa, ɗaya cikin arba'in, wanda a lissafinsa ya zo daidai da kuɗin kwano ɗaya a kowane buhu. Ba ya kuma riƙe kaya har mutane su galabaita. Da bazara ta kama yake fara fitarwa kaɗan-kaɗan kowace Alhamis, kafin ruwa ya zauna ɗaki ya zama wayam.

Ya ce hamsin ɗin ma ta kusa iyakarsa. Buhu huɗu a ƙarƙashin idonsa suke kwana, amma hamsin sai da hayar ɗaki biyu da mai gadi da yaron da zai riƙa dubawa, kuma kowannensu yana gutsurar ɗaya cikin goman nan. Saboda haka ya fara karkatar da ƙarin zuwa tumaki da yake ba wa 'yan'uwa kiwo a ƙauye.

Da la'asar motocin Kano suka fara cika. Ya auna mini wake kwano biyu in kai gida, na ciro kuɗi ya harare ni. Na lura daga buhun rumfa ya ɗebo su. Yaronsa ya ɗauko mini ƙullin har tasha, na samu gurbi a motar da ta rage mutum biyu, muka kama hanyar Gumel kafin magariba.