Bakwai Na Sani, Goma Na Rubuta



Kwanakin baya na zauna haɗa irin jerin hotunan nan na Instagram da ake ja da yatsa, kowane shafi da darasi guda. Tun kafin in rubuta komai na riga na tsara bangon: "Kurakurai 10 da sabbin marubuta ke yi a rubutun Hausa". Lambar ce ta fara zuwa, sannan na tafi neman abin da zai cika ta.

Bakwai na farko ba su ba ni wahala ba, don kullum ina cin karo da su idan ina gyara wa mutane labari. Akwai barin ƙugiya, a rubuta "kasa" ana nufin "ƙasa". Akwai raba "yana" zuwa "ya na", da manne "da shi" ya koma "dashi". Akwai rubuta "zamu" maimakon "za mu", da liƙa "ne" a jikin kalma kamar "gidane". Akwai raba mallaka, "gidan sa" maimakon "gidansa", sai kuma rikita jinsi, "motan Audu" maimakon "motar Audu". Kowanne na sa kuskuren a sama, gyaran a ƙasa.

Daga nan sai rijiya ta ƙafe, ga gurbi uku suna jirana. Na takwas na ɗauko batun ƙugiya na sake masa riga: na ce a kula da bambancin "d" da "ɗ", alhali darasin farko ne na tsaga biyu. Na tara na rubuta "rashin yawan karatu". Na goma kuwa, da dare ya yi na gaji, na rubuta: "Kada ka fara jimla da amma." Na taɓa jin ana faɗar haka a ajin Turanci, sai na ɗora wa Hausa.

Bayan kwana biyu wata ƙanwarmu da ke rubuta labarinta na farko ta turo min saƙo: "Yaya, na gode. Na kwana ina cire duk amma da ke farkon jimla, babi shida na gyara." Ta haɗo da shafi ɗaya. Inda a da ta rubuta "Ta yafe masa. Amma ba ta manta ba", yanzu ta haɗe su da waƙafi, tsayawar nan da ke sa mai karatu ya ja numfashi ta tafi. Jikina ya yi sanyi. Ta ga bakwai na farko gaskiya ne, shi ya sa ta yarda da na goma ba tare da tambaya ba. Mai karatu ba shi da hanyar gane wane shafi na rubuta da sani, wanne na rubuta don cikon benci, tunda duk launinsu ɗaya, girman lambarsu ɗaya.

Na ba ta haƙuri, na ce ta mayar da jimlolinta yadda suke, na kuma goge jerin.

Da zan sake shi, sai na bi kowane shafi da tambaya. Ta farko: zan iya nuna kuskuren da gyaransa a jimla ɗaya? "Rashin yawan karatu" ya faɗi a nan, don ba abin da mutum zai buɗe rubutunsa ya gyara yau. Shawarar za ta zauna daidai a jerin ɗinki ko na girki, wanda ke nuna ba ta wannan jerin ba ce. Ta biyu: wanda ya gane shafin da ya gabata, akwai sabon abu a wannan? Na takwas ya faɗi, sai na mayar da misalinsa cikin na farko, "daki" da "ɗaki" kusa da "kasa" da "ƙasa". Ta uku: na taɓa ganin wannan kuskuren da idona a rubutun wani, kuma zan iya kare dokar idan malamin Hausa ya tsare ni? Na goma bai tsallake ba.

Bakwai suka rage. Da bango da shafin rufewa, tara ke nan. Instagram ya daɗe yana tsayawa a hoto 10, a 2024 ya ƙara zuwa 20, amma wannan iyakar abin da manhaja za ta ɗauka ce, ba wanda ya ce sai ka cika ta.

Yanzu bango shi ne abu na ƙarshe da nake tsarawa. Ina rubuta abin da na sani, in tace, in ƙirga, sannan in sa lambar. Wancan jerin ya sake fita da "Kurakurai 7". Na makon jiya kuma huɗu ne, haka na sake shi.