Wasan taubashi da ya kusa ɓata aure

Ni da ɗan goggona tare muka taso a nan Sabo, Ibadan, kuma taubasai ne mu, don haka tsokana tsakaninmu ba ta da ranar hutu. Shi malamin Islamiyya ne mai sanyin hali. Ni kuwa, waɗanda suka san ni a bakin tukuba sun san ba haka nake ba.

Bayan ƙaramar sallah muka je bikin wani abokinmu Bayarabe a Mokola. Aka ɗauke ni hoto a tsakiyar fili ina yi wa wata mai rawa liƙi, shi kuma aka ɗauke shi a gefe, zaune da carbi. Da dare muna shan shayi na saka hotunan biyu a wata manhaja mai musanya fuska. Ko minti ɗaya ba a yi ba, sai ga malam yana liƙi, ni kuma na zama ustazu. Da saninsa aka yi, har ya fi ni dariya. Amma ɗorawa a sitatus na WhatsApp, wannan ni kaɗai na yi.

Na ɗauka bayan awa 24 zai ɓace, shi ke nan. Ashe wani ya kwafe nasa hoton kaɗai, ya bar nawa da zai nuna wasa ne. Ga shi ya ɗan dushe wajen turawa, shacin da ke gefen haɓa, inda aka liƙa fuskar, ya daina fitowa. Kwana uku sai ga shi a wayar Alhajin da taubashina ke neman 'yarsa, ana tsakiyar bincike. Alhaji ya aiko a dakata da kawo sadaki.

Goggo ba ta yi mini faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Kai ka ɓata, kai za ka gyara."

Na je na durƙusa gaban Alhaji da hotunan asali. Ya ce, "Yaro, ina zan san ba waɗannan ne na ƙaryar ba?" Gaskiyarsa kuwa. Sai na ce, "Baba, a bar fuska, a dubi hannu." Manhajar fuska kawai ta canza, daga goshi zuwa haɓa. Kunne, wuya da hannu duk nawa ne. Mai liƙin da hagu yake yi, ni ne bahago. Muka buɗa hoton, ga tabon wuƙar tsire a babban yatsa. Na miƙa masa hannuna ya gwada da na hoton.

Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "To, ashe kai ne ɗan rawar." Bai yi dariya ba.

An ɗaura auren, amma sai bayan babbar sallah, wata biyu ke nan na jinkiri. Hoton kuwa yana nan yana yawo. Makon jiya wani ɗalibinsa ɗan shekara goma ya tambaye shi ko nawa ya liƙa.