Ido Gaba, Kunne Biye

Lokacin hutun Kirsimeti wata tsohuwar ɗalibata ta same ni gida a Shagari bayan an tashi daga sujada. Ita nas ce a Sakkwato, tana so ta je aiki Ingila. Hukumar nas-nas ta can tana neman maki 7 a sashen saurare na jarrabawar IELTS, watau wajen amsa 30 daidai cikin tambayoyi 40. Ta taɓa zama sau ɗaya ba ta kai ba, kuɗin rajista kuwa ya tafi. Ta ce, "Malam, ina jin Turancin sarai, amma kafin in rubuta magana ta wuce."

Gaskiyarta, gama sau ɗaya tak ake kunna maganar. Muka zauna da wayarta da takardar gwaji. Na hana ta kunnawa tukuna, na ce ta dubi guraben. Fom ne na neman ɗakin haya. Gurbi na farko akwai alamar fam a gabansa, saboda haka lamba ake so, ba kuma sai ta sake rubuta alamar ba. Na biyu ranar shiga ɗaki ce. Na uku sunan titi, wanda sau da yawa akan faɗe shi baƙi-baƙi. Na ce ta sa ƙaramar shaida gefen kowane gurbi: kuɗi, rana, suna. 'Yan daƙiƙun da ake bayarwa kafin kowane kashi, aikinsu ke nan.

Da muka kunna, mai gida ya ce haya fam 90 ce a mako. Nan da nan ta rubuta, ta ɗaga kai tana murmushi. Ashe mutumin ya ci gaba, ya ce wannan kuɗin bara ne, bana 95. Ni ma da nake malami 90 ɗin na riƙe, ban dai faɗa mata ba sai daga baya! Shaidar nan irin amsa kaɗai take nuna maka, ba ta ce lambar farko da ka ji ita ce ba. Ka rubuta, amma kunne ya tsaya har a bar zancen kuɗi.

Abin da ya fi taimakonta shi ne ajiye ido a kan tambaya ta gaba tun ana amsa ta yanzu. In tana jiran rana sai ta ji ana jero baƙaƙen sunan titi, ta san rana ta riga ta wuce. Dā takan tsaya nema, ta yi hasarar uku a jere. Yanzu sai ta bar gurbin ta bi maganar, daga baya ta cika shi da zato, tun da ba a rage maki don kuskure.

Sau huɗu muka yi a makon nan, har cajin wayar ya ƙare ran Jumma'a. Ta koma Sakkwato da takardun cike da shaidu, ta ce za ta sake zama bayan Ista.